Duba Hausar Manhaja: Manyan Baƙaƙe, Lafazi da Daidaiton Kalmomi



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne aikin mutumin da ake miƙa wa rubutun manhajar waya bayan an gama fassara shi, a ce ya duba kafin a sake shi ga jama'a. Rubutun nan kashi uku ne. Akwai na maɓallai, watau 'yan kalmomin da mutum ke taɓawa don a aikata wani abu. Akwai na jerin zaɓi, inda ake jera ayyukan da manhajar ke iya yi. Sa'an nan akwai saƙonnin matsala, waɗanda ke fitowa idan abin da aka nema bai yiwu ba. Domin kada maganar ta watse, zan riƙe misali guda har ƙarshe: manhajar tura kuɗi wadda aka rubuta da Ingilishi, aka mayar da ita Hausa. Na zaɓi ta kuɗi ne saboda a nan kuskuren kalma ɗaya yana da farashi da za a iya ƙirgawa da naira.

Ya kamata mu fara sanin yadda rubutun yake zuwa hannun mai fassara, domin a nan yawancin ɓarnar take samo asali. Ba shafi ake ba shi ba, kamar yadda ake ba mai fassara wasiƙa ko rahoton ofis. Jerin guntaye ake ba shi, kowane guntu da sunansa, ba tare da ya ga inda zai zauna a fuskar waya ba. A manhajar Android, alal misali, rubutun Hausa yana zama cikin fayil mai suna `strings.xml` a jakar `values-ha`, kuma kamanninsa ke nan:

```xml
<string name="btn_save">Ajiye</string>
<string name="btn_remove">Cire</string>
<string name="btn_cancel">Soke</string>
```

Duk wanda ya dubi waɗannan layuka uku zai ce fassara ta yi, kuma ƙamus zai goyi bayansa. Za mu dawo kansu nan gaba mu ga cewa kowannensu yana iya jawo asara. A yanzu abin lura shi ne, mai dubawa ba ya tambayar ko kalma ta dace da takwararta ta Ingilishi kawai. Tambayarsa ita ce: Bahaushen da ya ga wannan kalma a wannan wuri, babu Ingilishin a gabansa, me zai ɗauka za ta yi idan ya taɓa ta?

Manyan baƙaƙe

Masu ƙera manhaja da Ingilishi ba su taɓa haɗuwa a kan tsari ɗaya ba game da manyan baƙaƙe. Kamfanin Apple yana son a fara kowace muhimmiyar kalma ta maɓalli da babban baƙi, kamar kan labari a jarida. Kamfanin Microsoft ya fi son tsarin jimla, watau babban baƙi a farkon kalmar farko kaɗai. Kamfanin Google kuwa, a tsarin zanensa na 2014, ya sa maɓallai duka da manyan baƙaƙe, sa'an nan a sabon tsarinsa na 2021 ya koma tsarin jimla. Wannan gardama tasu ce, kuma ba dole ba ne mu gaje ta. Ƙa'idar rubutun Hausa ta tanadi babban baƙi a farkon jimla da farkon sunan yanka, irin su Kano da Hadiza da Nijeriya. A ganina wannan ya ishi maɓalli da jerin zaɓi: a rubuta "Tura kuɗi", a rubuta "Tarihin ciniki", a wuce wurin. Wanda ya rubuta "Tura Kuɗi Ga Wani Banki" sai ya tsaya yanke hukunci a kan ƙananan kalmomi irin su ga da na da ta da da, kuma na tabbata masu fassara biyu ba za su yanke hukunci iri ɗaya ba.

To amma matsalar da ta fi wuyar ganewa ita ce wadda ba mai fassara ya jawo ta ba. Sau da yawa injiniya yakan umurci manhajar ta mayar da baƙaƙe manya da kanta, don ya huta da bin kowane guntu. Umurnin nan an gina shi ne a kan ɗabi'ar Ingilishi, kuma yana tuntuɓe a kan alamar nan da muke sa wa a "jama'a" da "ma'ajiya" da "'yan". Ga abin da harshen Python yake bayarwa:

```python
>>> "ma'ajiyar jama'a".title()
"Ma'Ajiyar Jama'A"
>>> "'yan kasuwa".capitalize()
"'yan kasuwa"
```

A layi na farko na'ura ta ɗauki alamar a matsayin ƙarshen kalma, don haka ta ɗaga baƙin da ya biyo bayanta. A na biyu kuwa ta nemi ta ɗaga harafin farko, ta tarar alama ce wadda ba ta da babba, sai ta bar kalmar yadda take, alhali daidai shi ne "'Yan kasuwa". Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, fayil ɗin fassara zai kasance lafiya lau. Wanda ya duba fayil kaɗai zai sa hannu ya ce ba kuskure, sai an buɗe wayar a ga "Ma'Ajiya" zaune a tsakiyar jerin zaɓi.

Haka nan baƙaƙenmu masu ƙugiya. Kowanne daga ɓ da ɗ da ƙ yana da babbansa a tsarin Unicode, watau Ɓ da Ɗ da Ƙ, haka ma ƴ da ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar a inda mu a Nijeriya muke rubuta 'y. Umurni na zamani yana mayar da su daidai. Tsohon umurni wanda bai san kome ba sai baƙaƙen Ingilishi ashirin da shida yakan tsallake su, sai "Ƙara kuɗi" ya fito "ƘARA KUɗI". Wani lokaci kuma umurnin ya yi aikinsa, amma salon baƙaƙen da aka zaɓa wa manhajar ba shi da Ƙ, sai a ga ɗan akwati fanko a madadinsa, ko a ga baƙin ya fito da wata siffa dabam da ta 'yan'uwansa saboda wayar ta aro shi daga wani salo. Mai dubawa ya san bambancin waɗannan alamu, domin kowace tana da mai gyara ta. Ƙaramin baƙi a tsakiyar manya laifin umurni ne. Akwati fanko laifin salon baƙaƙe ne, mai zane zai canza. Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne a ce mai fassara ya cire ƙugiyar don a zauna lafiya. Ku dubi shafin lambar sirri: "A shigar da lambobin ɗaiɗai" umurni ne dabam da "A shigar da lambobin daidai", kuma ƙugiya ce kaɗai ta raba su.

Akwai ƙaramin abu guda da ke bin wannan alamar ta "jama'a". A fayil ɗin Android ba a rubuta ta tsirara, sai an gabatar mata da karan tsaye mai karkata, a rubuta `jama\'a`, in ba haka ba ginin manhajar yakan ƙi. Wasu masu fassara don gudun wannan sukan yi amfani da mai lanƙwasa, wasu kuma da wata ta uku mai kama da ita, sai a wayi gari kalma ɗaya tana da rubutu uku waɗanda ido ba ya rabewa amma na'ura tana rabewa. Mai neman "ma'ajiya" a akwatin bincike ba zai sami wadda aka rubuta da wata alamar ba. A zaɓi ɗaya tun farko, a rubuta zaɓin a takardar ƙa'ida.

Wa ke magana, kuma da wa?

Na zo kan lafazi, kuma ina nufin yadda manhaja ke fuskantar mutum da magana: da ladabi ko da gatsali, da zargi ko da taimako. A Ingilishi wannan batu na zaɓen kalmomi ne. A Hausa kuwa tun daga nahawu yake farawa, domin harshenmu yana tilasta mana mu faɗi abin da Ingilishi ya ɓoye. Kalmar `your` ba ta nuna namiji ko mace, ba ta nuna ɗaya ko da yawa. Mu kuwa dole mu ce asusunka, ko asusunki, ko asusunku. Mai fassara da yake gaggawa yakan ɗauki "ka" ya bi da shi ko'ina, sai manhajar ta riƙa ce wa Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Kwari "Shigar da lambarka". Za ta gane, amma ta kuma gane ba da ita aka yi shirin ba.

Hanyoyin fita guda huɗu ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Ta farko ita ce a rubuta "ka/ki", wadda ta dace da fom ɗin ofis amma tana cin wuri a fuskar waya, kuma idan jimla ta yi tsawo sai ta zama "Idan ka/kin manta lambarka/ki", abin da ba mai iya karantawa da baki. Ku tuna akwai makafi da ke sa waya ta karanta musu rubutu. Ta biyu ita ce "ku", wadda gidajen rediyo suka saba mana da ita, kuma tana ɗauke da girmamawa. Aibinta kaɗan ne, sai dai "asusunku" yana iya sa mutum ya zaci asusun haɗin gwiwa ake nufi. Ta uku ita ce umurni tsirara, irin su Shiga, Tura, Koma, wanda ba ya nuna jinsi ko kaɗan. Ta huɗu ita ce lamirin nan da ba ya nuna kowa, watau "a" da "an", wanda ma'aikatan da ke cikin wannan ɗaki suka fi kowa saninsa, domin da shi ake rubuta sanarwa: a kula, an ɗage taro, ba a shiga.

Shawarata ita ce a raba aiki tsakaninsu bisa ga wanda ke magana. A maɓalli mutum ne ke umurtar na'ura, don haka umurni tsirara ya dace: "Tura". A saƙo na'ura ce ke ba mutum labari, don haka "an" da "a" sun dace: "An tura kuɗin", "A sake gwadawa". Inda mallaka ta zama dole, sau da yawa ɗafa-ƙeyar nan ta -n ko -r ta wadatar, a ce "asusun" ko "lambar", tun da mutum ya san nasa ake nufi; in ba ta wadatar ba a ɗauki "ku". Jerin zaɓi kuma yana iya cewa "Asusuna", wanda ya kuɓuta daga jinsi, amma da sharaɗin kada shafi ɗaya ya ce "Asusuna" a sama ya ce "Katunanku" a ƙasa, don a nan mai karatu ba zai san bakin wa ke magana ba.

Sai dai wannan "a" ɗin yana da tarkonsa, kuma tarkon daga rubutunmu yake, wanda ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Ku ɗauki ɗan makunnin da ke toshe katin banki. Idan aka rubuta "A rufe" a gefensa, me aka ce? A baki magana biyu ce mabambanta: ɗaya umurni, watau a rufe katin, ɗaya kuma bayanin hali, watau katin a rufe yake. A rubuce ba su da bambanci. Mutumin da katinsa ya ɓace ya buɗe manhaja hankali tashe, ya ga "A rufe", ya ɗauka an riga an rufe, ya ajiye waya, alhali maɓallin jiransa yake ya taɓa. Haka "A buɗe", haka "A kashe". Maganin ba wuya: hali a ba shi cikakkiyar jimla, "Katin yana rufe", aiki kuma a ba shi umurni da abin da zai faɗa wa, "Rufe katin". Amma ba mai gano wannan sai wanda ya karanta guntun a inda yake zaune, ya kuma gwada karanta shi da kari biyu.

Jinsi yana sake ɓullowa ta wata ƙofa. Injiniyoyi suna son jimla ɗaya mai gurbi, wadda za a riƙa cusa mata kalmomi dabam-dabam, kamar `Your %s has expired`. A Ingilishi ko kati aka cusa ko lamba, jimlar ba ta motsi. A Hausa kati namiji ne, lamba mace: katin ya daina aiki, lambar ta daina aiki. Duk wadda mai fassara ya zaɓa, rabin lokaci manhajar za ta yi gwaranci. Wani lokaci ana iya kauce wa wannan da sake ginin jimla, a ce "Wa'adin %s ya ƙare", inda "ya" ke komawa ga wa'adi. Inda hakan bai yiwu ba, aikin mai dubawa ne ya rubuta wa injiniya cewa a raba guntun gida biyu. Kada ya ji nauyin wannan roƙo. Masu fassara zuwa Faransanci da Larabci suna yin irinsa kullum.

Saƙon matsala

A nan ne nake so in daɗe kaɗan. Mu ɗauka wani ya nemi tura N5,000 alhali abin da ke asusunsa bai kai ba, manhajar ta nuna masa `Transaction failed. Invalid amount.` Fassarar da aka fi samu ita ce "Ciniki ya gaza. Adadi mara inganci." Ba kalmar da za a ce ƙarya ce a ciki, amma ku sa kanku a matsayin mutumin. Tambayoyi uku ne a ransa: me ya faru, ina kuɗina, me zan yi yanzu? Saƙon bai amsa ko ɗaya ba sosai. "Mara inganci" magana ce da muke yi a kan kaya, kamar taki ko magani, kuma mai karatu yana iya zaton ana tuhumar kuɗinsa ne. Wanda ya fi shi ne: "Ba a tura kuɗin ba, domin abin da ke asusun bai kai N5,000 ba. A rage adadin, a sake gwadawa." Ya fi tsawo, amma saƙon matsala ba maɓalli ba ne, yana da fili. Ku lura kuma ba a ce "Ka shigar da adadi ba daidai ba". Lamirin "a" ya ɗauke zargi daga kan mutum ba tare da an ɓoye gaskiya ba.

Yanzu ga inda aikin ke da haɗari. Akwai wata matsalar dabam, inda sadarwa ke yankewa bayan an taɓa "Tura", manhajar ba ta sami amsa daga banki ba. A wannan hali ita kanta manhajar ba ta san ko kuɗin sun tafi ba. Idan Ingilishin ya ce `Something went wrong. Please try again.`, mai fassara kuma ya gyara shi da kyakkyawar niyya ya ce "Ba a tura kuɗin ba, a sake gwadawa", to ya faɗi abin da ba wanda ya tabbatar, kuma ya tura mutum ya biya sau biyu. Saƙon da ya dace shi ne: "Ba a tabbatar da turawar ba tukuna. Kada a sake turawa sai an duba tarihin ciniki." Mai dubawa ba zai iya sanin wannan daga rubutu ba. Dole ya tambayi injiniya, a kan kowane saƙo, wane hali ne ke fito da shi, kuma ko hali ɗaya ne ko da yawa. Idan aka ce masa saƙo ɗaya ne ake nunawa ko kuɗi sun gaza ko sadarwa ta yanke, ya rubuta cewa wannan aibi ne da fassara ba za ta iya gyarawa ba.

Game da kalmomin ladabi, ra'ayina shi ne a yi tsimi. Ingilishin manhaja yana yawan cewa `Please`, kuma idan aka mayar da kowanne "Don Allah" sai manhajar ta zama mai magiya, a kuma riƙa ambaton sunan Allah a kan shigar da lambar waya. "A sake gwadawa" ya riga ya ɗauki ladabinsa. "A yi haƙuri" a ajiye shi inda laifin na manhajar ne kuma mutum ya yi asarar lokaci. Shi kuwa `Oops!` da wasu ke mayarwa "Kash!", wasa ne da ba ya yi wa mai neman kuɗin asibiti daɗi, kuma a share shi ya fi. Sa'an nan a sa ido a kan kuskuren rubutu guda da ya addabi saƙonnin matsala fiye da ko'ina, saboda yawancinsu da korewa suke farawa: a rubuta "Ba'a samu ba" maimakon "Ba a samu ba". Ba'a dai mun san zolaya ce.

Kalma ɗaya, aiki ɗaya

Mu koma kan layuka ukun nan na farko. `Save` an mayar da shi "Ajiye", kuma a manhajar rubutu ba laifi. A manhajar kuɗi kuwa ajiya ita ce zuba kuɗi a asusu. Mutum ya cika sunan wanda yake yawan tura wa kuɗi, ya ga "Ajiye" a ƙasa, sai ya tsaya yana tunanin ko kuɗi za a ɗauka. `Remove` an mayar da shi "Cire", alhali cire kuɗi shi ne abin da kowa ke cewa idan zai karɓi kuɗinsa a banki ko wurin mai na'urar kati. "Cire" a gefen hoton kati yana iya zama a raba katin da manhajar, yana iya zama a ciro kuɗi da shi. Haka "Kashe", wanda ke nufin a tsayar da abu, kuma ke nufin a ɓatar da kuɗi. Dokar da nake bi ita ce: a manhajar kuɗi, duk kalmar da jama'a suka riga suka ba ma'anar kuɗi a bar wa kuɗi ita. "Ajiye" da "Cire" su tsaya ga kuɗi, kullum tare da kalmar kuɗi. `Save` ya zama "Adana", `Remove` kuma a faɗi abin da zai faru, "Goge wannan kati".

Na uku, "Soke", shi ne ya fi ban tsoro. Mu ɗauka mutum ya shirya tura kuɗi gobe, ya canza shawara, ya taɓa soke. Manhajar ta tambaye shi `Cancel this transfer?` da maɓallai biyu, `Cancel` da `OK`. A Hausa ya fito: "A soke wannan turawa?", ga "Soke", ga "To". Kowane Bahaushe zai taɓa "Soke", domin ita ce amsar tambayar. Amma wannan `Cancel` ɗin guntu ne na gama-gari wanda ma'anarsa ita ce a rufe akwatin tambaya kada a yi kome. Sakamakon haka turawar tana nan, gobe kuɗi su tafi. Aibin yana cikin Ingilishin ma, sai dai masu karanta Ingilishi sun saba da shi. Gyaran shi ne kowane maɓalli ya faɗi aikinsa da kansa, ta yadda ko ba a karanta tambayar ba za a gane: "Soke turawar" da "Bar ta yadda take". Wannan yana bukatar sababbin guntaye biyu, watau sai an koma wurin injiniya.

Yadda ake gano irin waɗannan ba sihiri ba ne. A zuba guntayen duka a jadawali mai ginshiƙi uku: sunan guntu, Ingilishi, Hausa. A jera su bisa Ingilishi, a duba inda kalma ɗaya ta sami fassara da yawa. A nan za a ga `Delete` ya zama "Goge" a wani shafi, "Share" a wani, "Cire" a na uku, galibi saboda mutane uku ne suka yi aikin a lokuta dabam-dabam. Sa'an nan a sake jera su bisa Hausa, a duba inda kalma ɗaya ta Hausa take ɗauke da ayyuka da yawa. Mutane da yawa sukan yi jeri na farko su manta na biyu, alhali na biyun ne ke tono "Cire" mai fuska biyu. Kuma ba kowane bambanci ne kuskure ba. `Open` a maɓalli "Buɗe" ne, a bayanin hali "Yana buɗe" ne, kuma wanda ya daidaita su da ƙarfi don jadawali ya yi kyau ya ɓata aiki. Abin da ake nema shi ne aiki ɗaya ya riƙe suna ɗaya. Idan saƙo ya ce "A duba tarihin ciniki", to lalle jerin zaɓi ya ce "Tarihin ciniki" harafi da harafi, kada mutum ya je ya tarar da "Bayanan hada-hada" ya yi ta nema.

Bayan jadawali sai waya. A sa manhajar a ƙaramar waya mai araha irin wadda yawancin jama'a ke riƙewa, domin a nan ne "Ci gaba da turawa" zai yanke ya zama "Ci gaba da tu…". A bi kowane shafi. Saƙonnin matsala ba sa fitowa da kansu, sai an tsokano su: a shigar da lambar sirri ba daidai ba har a kulle asusun gwaji, a nemi tura abin da ya fi kuɗin da ke ciki, a kashe sadarwa ana tsakiyar turawa, a bar gurbin suna fanko. Duk abin da aka gani a rubuta shi da sunan guntun, da hoton shafin, da abin da ke rubuce, da abin da ake so a mayar, da dalili a jimla ɗaya wadda injiniyan da ba ya jin Hausa zai fahimta. A kuma rarrabe nauyinsu, domin ranar sakin manhaja ba a gyara kome da kome. Babban baƙin da ya fito a tsakiyar "Ma'Ajiya" abin kunya ne, amma yana iya jiran fitowa ta gaba. "Soke" mai barin kuɗi su tafi, da "A rufe" mai barin kati a buɗe, da saƙon da ke cewa a sake turawa alhali ba a san makomar turawar farko ba, waɗannan uku a rubuta a kansu cewa kada a saki manhajar sai an gyara.

 Shugaba, idan akwai sauran lokaci, ina iya karɓar tambayoyi.